Kuɗin Bulo Guda

Filin buga bulon da mahaifinsu ya bar musu yana can bayan unguwar Tunga, inda kwalta ta ƙare aka shiga jar hanya. Jafaru ne babba, shi ke fita neman masu saye, shi ke ciniki da direbobi. Ƙanwarsa Haula, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke zama a rumfar kwano tana lura da siminti da sallamar ma'aikata. Inji ɗaya gare su, da mutum huɗu masu aiki ƙarƙashin Baba Jiya, wani dattijo Banufe da ya fara buga bulo tun zamanin mahaifinsu.

Da damina ta ja baya, Jafaru ya shigo da labari biyu a rana ɗaya. Na farko, wani mai suna Christopher zai gina ɗakunan haya a cikin Tunga, yana son bulo dubu uku mai inci shida, kuma sun daidaita a kan naira ɗari biyar kowanne, har da kai masa wurin gini. Na biyu, ya samu direban tifa, Ɗan'azumi, wanda zai riƙa kawo musu yashi daga ƙauyen Garatu a kan dubu ashirin da biyar, maimakon dubu sittin da suka saba biya.

Haula ta ce ai su ɗari shida suke sayarwa. Jafaru ya ce wannan da tsohon yashi ne. Ya zauna bakin benci ya yi mata lissafin da baki: yashi ya ragu da dubu talatin da biyar, to bulo bai kai ɗari huɗu ba ke nan, sauran duk riba ce. Ba ta yi masa musu ba, amma da ya fita sai ta jawo takardar buhun siminti ta juya bayanta, ta fara daga tushe.

Tifa guda tana ba su bulo ɗari huɗu, da buhu goma na siminti, arba'in a kowane buhu. Siminti dubu ɗari. Tsohon yashi dubu sittin. Masu bugu ana biyansu dubu ɗaya da ɗari biyar a buhu, dubu goma sha biyar ke nan. Ruwan kwaɓi da na shayar da bulo har ya yi ƙarfi, da man inji, dubu goma. Harajin fili, da katakon da ake ɗora ɗanyen bulo a kai wanda yake ruɓewa, da ɗan abin da ita da yayanta ke ɗauka na wuninsu, dubu biyar. Jimla dubu ɗari da casa'in. Jafaru yakan raba wannan da ɗari huɗu, amma ita ta san ba ɗari huɗu ke isa hannun mai saye ba. Wajen ashirin sukan fashe tsakanin bushewa da lodi, kuma waɗanda suka tsira su ke ɗaukar nauyin waɗanda suka mutu. Ta raba da ɗari uku da tamanin, ya ba ta ɗari biyar cif. Ta ƙara hamsin na lodi da mota da saukewa. Da tsohon yashi, kowane bulo yana cin ɗari biyar da hamsin kafin ya isa wurin gini. Alkawarin Jafaru duka ya rataya ne a kan yashin Ɗan'azumi.

Yashin ya fara zuwa. Da gani ya fi nasu duhu, yana da laushi a hannu, kuma ko da ya wuni a rana, in ka cusa hannu ciki sai ka ji sanyi har gwiwar hannu. Yana da wani ɗan wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Baba Jiya ya damƙi kaɗan ya matse, ya buɗe tafinsa, yashin ya tsaya a dunƙule bai watse ba. Ya ce akwai ƙasa da yawa a ciki, da saiwoyi, sai an tace kafin a kwaɓa. Aka kafa rariyar waya, aka ɗauki mutum biyu suna watsa yashin da shebur, dubu goma a kowace tifa.

A mako na biyu ne wata tsohuwa ta fara zuwa filin. Da tsakar rana take shigowa, lokacin da ma'aikata suka tafi cin abinci, ba takalmi a ƙafarta, da zane ɗaya ɗaure a ƙirji da wani a kafaɗa. Ba ta sallama. Takan bi layin sabon bulo a hankali tana shafa kowanne da tafin hannu, wani ta wuce shi, wani ta daɗe a kansa. Haula ta ɗauka mai taɓin hankali ce, ta ƙyale ta. Ran nan dai ta taso daga rumfa ta gaishe ta, ta tambaye ta ko akwai abin da take nema.

Tsohuwar ta ɗago. Hausarta irin ta wadda ta koya a kasuwa ce, ba ta bambanta mace da namiji.

“Nawa ne guda ɗaya?”

“Ɗari shida ne, Kaka.”

“Ba na sayarwa ba. Nawa ya ci maka?”

Haula ta yi mamakin tambayar, don masu gini ma ba sa yin ta. Ta ce tana kan lissafawa. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce to a lissafa da kyau, kada a bar kowa a baya, sannan ta juya ta fita. Haula ta bi ta da ido har bakin ƙofar langalanga. Da ta leƙa waje babu kowa a hanyar sai wani mai Keke Napep yana gyangyaɗi a inuwar dalbejiya.

Ta koma wajen bulon da tsohuwar ta daɗe a kansu. Duk sun tsage, tsaga siririya daga sama har ƙasa. Ba ta iya cewa da ma a tsage suke ko kuwa a'a.

Daga ranar ta fara ƙirga asara da kanta, ba ta bar wa kowa ba. A tifa ta farko bulo casa'in da wani abu suka lalace, a ta biyu sun ɗan haura ɗari. Wasu tun suna kan katako suke zubewa, wasu sai an ɗaga su za a loda gefensu ya ruguje a hannu. Baba Jiya ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, siminti ba ya kama yashi mai laka da ruɓaɓɓen ganye. Abin da ya kasa bayyanawa shi ne yadda ma'aikatansa suka daina hira a bakin aiki. Mutanen da a da sai an tsawata musu kan surutu, yanzu sai ƙarar inji kawai. Ɗaya daga masu tacewa ya ajiye shebur ranar Laraba, ya tafi bai ko karɓi kuɗinsa ba.

Haula ta sake lissafi. Siminti dubu ɗari, sabon yashi ashirin da biyar, bugu goma sha biyar, tacewa goma, ruwa da mai goma, sauran biyar. Dubu ɗari da sittin da biyar. Masu kyau ɗari uku ne kacal. Ɗari biyar da hamsin kowanne a fili, ɗari shida in an kai. Yashin mai araha ya fi mai tsada tsada da naira hamsin a kowane bulo, kuma a cinikin Christopher suna zubar da ɗari ɗaya a kowanne.

Ta nuna wa Jafaru da la'asar. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce to a ƙara siminti. Ta ce in an ƙara buhu biyu, dubu ashirin ce ta hau, ga ta tacewa goma, rangwamen ya kusa ƙarewa ke nan, kuma ba tabbas fashewar za ta tsaya. Sai ta ce akwai wani lissafin da ya fi wannan damunta, wanda ba nasu ba ne, na Ɗan'azumi ne.

Ta riga ta tambayi tsohon direbansu abin da tafiyar Garatu ke ci. Tsohuwar tifa, zuwa wayam da dawowa da lodi, da shiga bakin rafi, tana shan gas kusan lita ashirin, kuma gas ɗin kaɗai ya haura dubu ashirin da biyar. Ba a zo kan masu lodi ba, ba a zo kan mai wurin yashin ba, balle kuɗin ƙungiyar direbobi da taya da abin da mai mota zai samu.

“Yaya, mutum ba ya sayar da abu ƙasa da kuɗin man da ya kawo shi, kullum, yana murna. Yashin nan ba daga Garatu yake ba. Kusa yake, kuma ba ya biyan kowa a kansa.”

Jafaru ya ce wataƙila na sata ne a filin wani. Baba Jiya, wanda ke wanke ƙafa a bakin tanki yana jin su, ya taso ya shiga bayan rumfa, ya fito da gwangwanin madara ya ajiye a kan benci. Ya ce ya so ya yi magana tun makon jiya, amma yana tsoron a ce tsufa ne. A cikin gwangwanin akwai duwatsun wuya shuɗɗa guda bakwai ko takwas, da wani awarwaron tagulla da ya yi kore, da wasu ƙananan abubuwa masu ruwan ƙasa-ƙasa. Haula ta ɗauki ɗaya ta juya shi a yatsunta kafin ta gane haƙori ne. Ta mayar da shi a hankali. Baba Jiya ya ce waɗannan su ne rariya ta tare. Abin da ya fi ramin rariya ƙanƙanta ya wuce cikin kwaɓi.

Jafaru ya dubi layukan bulon da ke shan rana, ya karanta innalillahi a ƙasan maƙoshi. Bulo ɗari shida sun riga sun tafi wurin Christopher.

Washegari da hantsi, da Ɗan'azumi ya juye lodi ya fita, Jafaru ya goya Haula a babur suka bi shi daga nesa. Bai nufi hanyar Bida ba, wadda ita ke kai mutum Garatu. Ya kewaya ta bayan unguwa, ya ratsa gonakin doya da dawa, tafiyar da ba ta kai ta zuwa Kasuwar Kure ba, ya gangara wani rafi da ya fara ƙafewa. A can gaɓar, ruwan damina ya zaftare gefen wani tudu, kuma a nan ake haƙa. Jikin tudun ya tsaya kamar bango, tsayin mutum biyu. A cikinsa, daga sama kaɗan, akwai wurare masu duhu a jere, dogaye, kusan tazara ɗaya tsakaninsu. Haula ta ƙirga tara kafin ta kawar da kai. Tsuntsu ko ɗaya ba ya kuka a wurin, alhali gonakin da suka baro cike suke da su.

Ɗan'azumi da ya gan su bai gudu ba. Ya sauko daga mota yana share fuska, ya rantse cewa da farko bai sani ba, yashi ya gani a banza a bakin rafi. Da ya gane, ya riga ya ci bashin taya, ga masu lodinsa baƙi ne da ke zuwa su tafi. Ya ce shi ma ya kwana biyu ba ya iya cin abinci, duk abin da ya sa a baki sai ya ji tsakuwa. Jafaru ya ɗaga hannu kamar zai mare shi, sannan ya sauke, don ya tuna shi ma bai taɓa tambayar dalilin arahar ba.

Wani manomi mai suna Ndako, da ke ɗaure dawa a sama, ya sauko da ya ji muryoyi. Ya ce wurin kufai ne. Wani ƙauyen Gwarawa ne a da, sun tashi tun kafin a haife shi, suka bar matattunsu. Zuriyarsu sun watse cikin gari, wasu Musulmi, wasu Kirista. Ya ce ya ga tifar, amma ya ɗauka masu wurin ne suka sayar. Mutum ɗaya ya sani da aka haifa a ƙauyen, wata tsohuwa, Mama Hannah, tana zaune wajen jikarta a gidajen da ke bayan gonakin.

Jikar, Faith, mace ce mai kimanin shekara arba'in, tana soya gyaɗa a tsakar gida lokacin da suka yi sallama. Ta saurari bayanin Jafaru har ƙarshe ba ta katse shi ba. Sannan ta sauke kaskon, ta ce yanzu ta gane. Kakarta ta shekara biyu ba ta taka ƙasa ba, ɓarin jikinta ya shanye, ido ma ya tafi. Amma kwanan nan, duk tsakar rana sai barci mai nauyi ya ɗauke ta, a yi ta tashinta ba ta motsi, in ta farka kuma sai ta kama kiran sunayen mutanen da Faith ba ta taɓa ji ba, tana cewa an jera su a rana.

Faith ta ɗaga labule suka shiga. Ɗakin ba haske sosai. Tsohuwar na kwance a katifa, ta rame ƙwarai, idanunta sun yi fari. Haula ta tsaya a bakin ƙofa. Fuskar dai ta tsohuwar da ke zuwa filinsu ce. Hannun da ke saman bargo, tafinsa ya yi furu-furu da toka-tokar siminti, har cikin farce.

Tsohuwar ta juyo da kai wajen ƙofa tun kafin kowa ya yi magana.

“Kai ne mai lissafi. Ka gama?”

Haula ta durƙusa. Ta ce, “Na gama, Kaka. Za mu dawo da su.”

“Duka.”

“Duka, in Allah ya yarda.”

A hanyar komawa Jafaru ya tambaye ta abin da tsohuwar ke nufi, ta gaya masa. Ya ce shi bai taɓa ganin wata tsohuwa a fili ba. Da suka isa ta tambayi Baba Jiya, shi ma ya ce bai gani ba, sai dai yakan tarar da sawun ƙafa ba takalmi tsakanin layuka in ya dawo daga cin abinci, ya ɗauka na masu kawo ruwa ne.

Suka je wa Christopher da maganar a ranar. Ya riga ya ɗora layi biyar a kan harsashi. Ya yi fushi, ya yi maganar kotu, ya yi maganar kuɗin magina. Haula ta bar shi ya gama, sannan ta ce su za su biya rushewa da sake ɗorawa, kuma dubu ukunsa za su cika da yashi mai kyau a kan ɗari biyar ɗin da yayanta ya faɗa. Ta riga ta san abin da hakan ke nufi: asarar hamsin a kowane bulo, dubu ɗari da hamsin, ban da simintin da ya riga ya tafi, da kuɗin magina, da motar mayarwa. Christopher ya ɗauki wani gutsure daga ƙasa, ya murza shi ya ga yadda yake wargajewa, ya ce ko ba matattu a ciki shi ba zai kwantar da 'yan haya a ƙarƙashin wannan ba. Ya yarda.

Aka sanar da mai unguwa, shi kuma ya aika wa zuriyar ƙauyen. Ranar mayarwa mutane sun taru fiye da yadda ake zato, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa. Ɗan'azumi ne ya yi jigilar, kyauta, sawu bayan sawu: sauran yashin, da fasassun, da masu kyau, har da sharar da aka tattara daga ƙasan rariya. Aka cike ramin da gutsattsarin, aka jera masu kyau a gindin tudun, aka tokare su da duwatsu don ruwa kada ya ƙara ci. Baba Jiya ya miƙa gwangwanin ga wani dattijo daga dangin, dattijon ya binne shi a ƙasa da hannunsa.

Haula ta tsaya a bayan mota tana ƙirga na Christopher yayin da ake saukewa. Ɗari biyar da tamanin da takwas ta samu, har da waɗanda suka karye wajen rushewa. Ta sa aka sake ƙirgawa, haka ya fito. Sai da aka matsa wa shugaban maginan sannan ya faɗa cewa ya sayar da goma sha biyu ga wani mutum da ya tsaya da Keke Napep, wai zai gyara katanga ko makewayi, bai san sunansa ba, bai san unguwarsa ba. Jafaru ya yi mako yana zagaya Tunga yana tambayar masu keke da magina. Ba a dace ba.

Sun cika wa Christopher bulonsa kafin Kirsimeti. Don su iya, sai da Jafaru ya sayar da babur ɗinsa, Haula ta sayar da 'yan kunnenta na aure. Ma'aikacin da ya gudu ya dawo da kansa, hira ta dawo bakin inji. Ɗan'azumi ya mayar wa mai mota makulli ya koma garinsu. Jafaru bai ƙara yanke farashi da kowa ba sai ya zo rumfa sun zauna tukuna.

Bayan wata biyu Haula ta kai wa Mama Hannah sabulu da sukari. Ta tarar tana barci, rana tsaka. Faith ta ce jikin da sauƙi, ta daina kiran sunaye, sai guda biyu da take maimaitawa, tana cewa su ba a dawo da su ba. Barcin ranar ne dai bai bar ta ba, har ma ya ƙara tsawo, wani lokaci sai bayan la'asar take farkawa, a gajiye. Ta ɗaga gefen bargon ta nuna wa Haula ƙafafun tsohuwar. Tafin ya yi baƙi da ƙurar kwalta, ga wata sabuwar yanka a diddige, irin ta kwalba.

Faith ta jawo roba da ruwan ɗumi. Haula ta naɗe hannun rigarta, ta riƙe ƙafar, ita kuma ta shiga wankewa.